Kafin Alƙalami a Fadamar Haɗeja: Kuɗin Mene ne, Kuma na Wane ne?



Da zarar ruwan kogin Haɗeja ya fara janyewa daga fadama, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, hankalin manoman Auyo da Kirikasamma da Guri da Malam Madori yakan koma kan abu guda, wato yadda za a ɗago ruwa a kai gona. Mai alkama yana so ya shuka tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba don amfanin ya samu sanyin hunturu, mai shinkafar rani kuma yana lissafin lokacin zuba iri. A da, injin fetur ne ke wannan aiki ba tare da an yi dogon tunani ba. To, tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira dubu kafin ƙarshen 2024, manoma da dama suka juya ga famfon sola. Nan ne wata sana'a ta buɗe wa matasa: masu haɗa sola da ke zaman kansu, ba kamfani, ba albashi, sai waya da jakar kayan aiki da babur. Yau a kansu za mu yi magana, da kuma kuɗin nan da ake ba su tun ba su fara aiki ba, wato kafin alƙalami. Abin da zan faɗa ya shafi tela da kafinta da mai walda da mai ɗaukar bidiyon biki, amma na zaɓi mai sola domin a wajensa kuɗin da yawa, lokacin kuma a ƙure.

Karɓar kafin alƙalami ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, kuma ba shi ne ke haddasa rigima ba. Abin da ke haddasa ta shi ne a miƙa kuɗi a karɓa, kowa da ma'anar da ya ba shi a ransa, ba wanda ya furta. Manomi yana ganin ajiya ya bayar, in ya fasa a mayar masa da abinsa cif. Mai sola yana ganin kuɗin sayen kaya ne, kuma ya riga ya kashe. Wani ma yana ganin kuɗin kama masa rana ne, tunda ya sallami wasu masu neman aikinsa saboda wannan. Dukansu ba wanda ya yi ƙarya. Kunya ce ta hana a yi maganar tun farko. Yaro yana tsaye gaban sa'an mahaifinsa, dattijo ya ce, "Yi aikinka kawai, ai ba za mu ɓata ba." Yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "To Baba." Daga wannan "to Baba" ɗin ne ake zuwa gaban Bulama bayan wata guda.

Bari mu buga misali da lissafi. Alƙaluman nan na misali ne kawai, farashin kasuwa yana sauyawa, amma yadda abin ke tafiya haka yake. A ce wani manomi a yankin Auyo yana da 'yar rijiyar burtsatse a gonarsa, yana son famfo mai cin wat 1,100 da farantan sola huɗu masu wat 550 kowanne. Mai sola ya buga masa lissafi: farantai huɗu a kan naira dubu 120 kowanne, dubu 480 ke nan. Famfo da kwantirolarsa dubu 350. Bututu da waya da ƙarfen da za a ɗora farantai dubu 120. Zuwa Kano da dakon kaya dubu 50. Kaya sun tashi miliyan ɗaya daidai. Ladan aikinsa da na yaransa biyu dubu 150. Manomi ya ce ya ji, ya ƙirgo dubu 400 ya ba shi, ya ce sauran sai ya sayar da shinkafarsa ta damina.

Yaro ya hau mota zuwa Kano, ya sayo famfo dubu 350, ya kashe dubu 30 a mota da dako, saura dubu 20 a hannunsa. Sai shiru. Manomi yana jiran farashin shinkafa ya ɗan motsa. Mako uku suka wuce. Ranar da ciko ya fito, faranti ya koma dubu 135, domin kaya ne da ake shigowa da su, farashinsu yana bin dala. Bambancin farantai huɗu dubu 60. Wa zai biya? Manomi ya ce, "Ai mun gama ciniki, na ba ka kafin alƙalami." In yaron ya haɗiye, kashi biyu cikin biyar na ladansa sun tafi tun bai ɗaure ƙusa ɗaya ba, kuma a cikin dubu 90 da suka rage zai sallami yaransa. In ya ƙi haɗiyewa, sunansa ya ɓaci a ƙauye, a ce ya canja magana. Akwai kuma hanya ta uku da wasu ke bi, wadda ta fi duka muni: ya sayo farantai masu arha, ko waya siririya da ba ta kai ba, ya yi shiru. Manomi ba zai gane ba sai ya ga ruwa yana fitowa da ƙyar ko da rana tsaka.

Yanzu a ce ba haka ta faru ba. A ce a mako na biyu ɗan'uwan manomin ya ara masa injin fetur, ya ce ya fasa sola bana, a dawo masa da dubu 400 ɗinsa. Famfo na ajiye a ɗakin yaro. Mai shagon Kano ya ce kayan da suka fita ba sa dawowa, ko kuma zai karɓa amma a rage wani abu. Dubu 30 na mota sun riga sun bi iska. Ga kwana biyu da ya ɓata a hanya, ga wani manomi na Kafin Hausa da ya ba haƙuri saboda ya kama wannan aikin. Abin da kawai yake da shi na hujja shi ne cewa ya karɓi kuɗi, wannan kuwa hujja ce a kansa.

A nan ne wasu matasa suke ɗauko maganar da suka gani a hannun masu sana'a na wasu ƙasashe, su rubuta a takarda cewa kafin alƙalami ba a mayar da shi ko ta halin ƙaƙa. Ina ganin wannan kuskure ne a wurinmu, kuma ga dalili. Kotunan shari'ar Musulunci na Jigawa, kamar na sauran jihohin Arewa, a kan mazhabar Imam Malik suke hukunci, malaman zaure ma da ita suke fatawa. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo hani a kan cinikin da ake kira urbun, ya kuma bayyana shi da cewa mutum ya ba da wani abu a kan saye ko haya bisa sharaɗin in ciniki ya tabbata a lissafa shi cikin kuɗi, in ya fasa kuwa ya bar wa mai kaya. Malikawa suna ganin wannan cin dukiyar mutum ne ba tare da an ba shi komai a madadinta ba. Amma in sharaɗin shi ne za a mayar idan an fasa, ba su ga laifinsa ba. Imam Ahmad bin Hambal ya halatta urbun, yana kafa hujja da wani ciniki da aka yi a Makka zamanin Sayyidina Umar. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma, a zamanta na Brunei a 1993, ta halatta shi muddin an iyakance lokacin jira. Saboda haka mas'ala ce mai saɓani, kuma ni ba mufti ba ne. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya rataya kariyarsa gaba ɗaya a kan "ba a mayarwa" yana iya zuwa gaban alƙali Bamalike ya tarar sharaɗin nasa ba ya tsaye. Ko ba a je kotu ba, dattijon da ya karanta Risala da Askari a zaure zai ji kalmar ta yi masa nauyi, ciniki ya lalace tun ba a fara ba.

Mafita ita ce a daina kiran kuɗin da suna ɗaya, a raba shi gida-gida, kowane kaso a faɗi abin da aka ba manomi a madadinsa. Idan aka yi haka, ba sauran kuɗin da za a ce an ci a banza.

Kaso na farko shi ne kuɗin duba wuri. Mai sola na gaske ba ya sayen famfo sai ya je gona ya auna zurfin ruwa, ya sa inji ya ja rijiyar na ɗan lokaci ya ga ko tana ƙafewa, ya duba ko tana kawo yashi. Rijiyar fadama ba ta da zurfi, kuma wadda ba a sa mata matacin kirki ba yashi take turowa, yashi kuwa shi ne ajalin famfo. Wannan zuwan aiki ne cikakke, yana da man babur da wuni guda. A yanka masa lada, a ce dubu 10, a biya a ranar. Ko manomi ya ci gaba ko ya fasa, an yi masa aikin, ya kuma san halin rijiyarsa. Ba wanda zai ce a mayar da ladan aikin da aka gama.

Kaso na biyu shi ne kuɗin kaya, kuma a nan ne zan fi daɗewa domin a nan yawancin dukiyar take. Hanya mafi tsabta ita ce mai sola ya zama wakilin manomi wajen saye, ba mai sayar masa ba. Ma'ana, kuɗin kaya na manomi ne, kayan da aka saya da shi na manomi ne tun daga shago, rasit ma da sunansa za a rubuta. In ya fasa, ga famfonsa nan, ga rasit, ga canjinsa dubu 20. Ya ajiye har baɗi ko ya sayar, ya rage nasa. In yana so yaron ya nema masa mai saye, wannan wata magana ce daban da za a sake yi. Ka ga rigimar "dawo mini da kuɗina" ta mutu, domin kuɗin bai taɓa zama na yaron ba. Sai dai wakilci amana ne, kuma yana da nauyinsa: in mai shago ya yi ragi, ragin na manomi ne, ba a rubuta rasit biyu. Wanda yake son riba a kan kaya, to ya fito fili ya ce shi mai sayarwa ne, ya saya da jarinsa, ya ɗauki hatsarin hawa da saukar farashi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne mutum ya ci riba irin ta ɗan kasuwa, ranar asara kuma ya ce shi ɗan aike ne.

Kuma kuɗin kaya a karɓe shi cikakke kafin a tafi Kano. Rabi da rabi shi ya jawo asarar dubu 60 a misalinmu. In manomi ba shi da miliyan ɗaya a yau, a faɗa masa gaskiya cewa wannan lissafi na mako guda ne, bayan kwana bakwai sai an sake tambayar kasuwa. In ya nace a fara sayen famfo da abin da ke hannu, babu laifi, amma a furta cewa farantai za a saye su a farashin ranar da ciko ya zo.

Kaso na uku shi ne ladan aiki. Shi ana iya raba shi: kashi ɗaya cikin uku ranar da aka fara kafa ƙarfe, domin yara su ci abinci a biya mai walda, sauran kuma ranar da aka gama. Amma mene ne "an gama"? Wannan kalma ta raba mutane da yawa. Mai sola yana nufin ranar da ruwa ya fito. Manomi yana iya nufin ranar da ya girbe alkama. A yanke ta tun farko: an gama idan famfo ya yi aiki wuni guda cur, daga hantsi zuwa la'asar, a gaban mai gona ko wakilinsa, ruwa yana kai wa ƙarshen fangali. A kuma faɗi kwana nawa ne gyara yake kan mai sola idan matsalar daga haɗinsa ce, da abin da ba ya kansa, kamar sata ko rijiya ta ƙafe.

To yaya za a faɗi duk wannan ga dattijo ba tare da ya ji an raina shi ba? Tun ran gini tun ran zane, in ji Hausawa, kuma lokacin faɗa shi ne kafin hannu ya taɓa kuɗi. Da zarar ka karɓa ka sa a aljihu, duk sharaɗin da ka kawo daga baya zai zama kamar ƙari. Ga yadda nake ganin ya dace yaro ya ce:

"Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Kafin in karɓa, bari in faɗi yadda nake yi da kowa, don kada shaiɗan ya shiga tsakani. Miliyan ɗayan nan kuɗin kayanka ne, ni ɗan aikenka ne a kai. Jibi zan je Kano, in kawo maka kaya da rasit da sunanka, in canji ya rage in dawo maka da shi. Wannan farashin na kwana bakwai ne daga yau. Ladana dubu 150, za ka ba ni dubu 50 ranar da muka fara, dubu 100 ranar da famfo ya yi wuni yana ba da ruwa a gabanka. In Allah ya sa ka fasa kafin in tafi Kano, kuɗinka na nan cif. In ka fasa bayan na sayo, kaya naka ne, abin da na kashe a mota ya fita daga ciki, sai ka ba ni ladan kwanakin da na yi, dubu 10 kowace rana. Ni kuma in na wuce kwana goma bayan kaya sun iso ban gama ba, ba tare da wani uzuri da ka yarda da shi ba, kana da ikon ka kira wani, in mayar maka da abin da ban yi aikinsa ba."

Ku lura da jimlar ƙarshe. Ita ce ke sa dattijo ya saurari sauran. Sharaɗin da ya ɗaure ɓangare ɗaya kawai, ba wanda zai karɓe shi da daɗin rai, kuma manoma suna da dalilin tsoro. Kowa ya san mai sana'ar da ke karɓar kuɗin Malam Audu ya ƙarasa aikin Malam Garba, ya jira kuɗin mutum na uku ya fara na Malam Audu. Tela yana yin haka gab da Sallah, ya ɓata wa yara rai. Mai sola in ya yi haka a watan Disamba, noman shekara ya kashe, domin alkamar da aka shuka a makare zafi ne zai riske ta tana fitar da kai. Ku lura kuma da "yadda nake yi da kowa". Wannan tana cire wa dattijo zargin cewa shi kaɗai ne ba a yarda da shi ba.

Akwai wani sharaɗi guda da ya kamata ɗan fadama ya ƙara, wanda mai aiki a tudu ba ya buƙata. Ruwan kogin nan ba ruwan sama na Haɗeja kaɗai ke tafiyar da shi ba, yana bin abin da aka saki daga madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano, ga kuma ciyawar kacala da ke toshe hanyoyin ruwa ta karkatar da shi inda ba a zata ba. Mun ga ambaliyar 2020 da ta 2022. Gonar da aka yi alƙawarin shiga ranar kaza tana iya kasancewa cikin ruwa ko laka har mako biyu bayan haka. Saboda haka a faɗa: in ruwa ya hana shiga gona, ba laifin kowa ba ne, a ɗaga rana, kaya kuma su zauna a gidan mai gona, ba a ɗakin mai sola ba. Wannan na ƙarshe kariya ce ga yaron, domin a mazhabar Malik mai sana'ar da ya tafi da kayan mutane wurinsa shi ake fara tuhuma da lamuninsu idan sun salwanta.

Bayan an faɗa da baki, a rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka ba wanda zai ce rubutu rashin yarda ne. Ba a buƙatar lauya. Rabin shafin littafin makaranta ya isa, da boko ko da ajami, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, a samu mutum biyu da ba 'yan gidan kowa ba su shaida, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. In mai gona ba ya karatu, a karanta masa a gaban shaidun, sannan yaro ya maimaita maganar a saƙon murya na WhatsApp, ya roƙi dattijo ya amsa da bakinsa cewa ya ji ya yarda. Dokar shaida ta Najeriya ta 2011, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar karɓar bayanan na'ura a kotu bisa wasu sharuɗɗa, amma ni amfanin da na fi gani a saƙon murya shi ne yana kashe gardama tun a zauren Bulama. In ta banki aka turo kuɗin, a rubuta dalilinsa a wurin bayani, misali "kuɗin kayan sola", kuma kada yaro ya hau motar Kano don an nuna masa hoton rasit a waya, sai ya buɗe asusunsa ya ga kuɗin sun zauna.

Saura mai ɗaukar bidiyo da mai kwalliyar amarya da mai kiɗan biki, waɗanda ba kaya suke saye ba, rana suke sayarwa. Su ne maganar urbun ta fi shafa kai tsaye, domin in an fasa biki ana jibi, ranar ta tafi, ba rasit da za a nuna. Abin da ya fi musu shi ne su sa wa fasawa mataki da kwanaki: wanda ya sanar mako biyu kafin ranar a mayar masa da kuɗinsa duka, tunda ana iya samun wani. Wanda ya sanar a ƙurarren lokaci a cire abin da aka riga aka kashe, kamar hayar kyamara da janareto da abin da aka ba mataimaka, sauran kuma a ba shi zaɓi, ko a mayar masa ko a ajiye masa zuwa sabuwar ranar da aka sa. Wanda yake son riƙe fiye da abin da ya kashe, saboda ranar da ya rasa, to ya kai takardarsa wurin malamin da mutanen garinsa suka yarda da shi, ya ji ko za ta tsaya, kafin ya fara miƙa wa iyayen amarya su sa hannu.